Na mayar da rubutu hannun dama, amma aya da lambobi sun ƙi biyo shi

Mai buga takardu, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum. Wani malamin Islamiyya ya ba ni aikin ɗan littafi mai shafi 24 da za a raba ranar walimar saukar ɗalibansa. Akasarinsa Larabci ne da ajami, sai 'yan kalmomin boko jefi-jefi. Ta waya ya turo mini rubutun, na kwafe shi na zuba a Word, na zaɓe shi gaba ɗaya na danna `Ctrl+R`, komai ya koma hannun dama, na ɗauka aiki ya ƙare. Da Malam ya zo dubawa, bai wuce shafin farko ba ya tura gilashinsa goshi, ya ɗora yatsa a kan takardar ya tambaye ni abin da ya kai aya farkon layi. Lambobin jerin sunayen ɗalibai kuma suna can hannun hagu, nesa da sunayen. Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne duk jimlar da kalmar boko ta shiga tsakiyarta, rabinta na biyu ne mai karatu yake fara cin karo da shi. Ina roƙon waɗanda suka taɓa irin wannan aiki su faɗi yadda suka yi, domin walimar saura kwana tara.

Sakataren Islamiyya, Rafindaɗi

Wa alaikumus salam. Ni ma na sha fama da ayar nan, kuma dabarar da nake yi ita ce na goge ta daga ƙarshen jimla na sa ta kafin kalmar farko, sai ta bayyana a hagu inda ake son ta. Lambobin jeri kuwa da hannu nake buga su. Shekara uku ke nan ina buga jarrabawar Larabci haka, ba wanda ya taɓa dawo mini da takarda.

Tsohon ma'aikacin maɗaba'a, Ƙofar Soro

Malam Sakatare, dabararka tana ci ne domin tambayoyin jarrabawa ba su cika wuce layi ɗaya ba. Ranar da jimla ta kai layi biyu, ayar za ta tsaya a ƙarshen layin farko, a tsakiyar magana, ranar da wani ya gyara fayil ɗin yadda ya kamata kuma duk ayoyinka za su koma farkon jimla.

Ƙanena mai tambaya, abin da ka yi tura rubutu gefen dama ne kawai, ba ka juya alƙiblarsa ba. Har yanzu kwamfutar tana ɗaukar kowane sakin layi a matsayin mai farawa daga hagu. Harafin Larabci ya san inda ya dosa, na boko ma haka, amma aya da baka da tazarar da ke tsakanin kalmomi 'yan rakiya ne, gefen da maƙwabtansu suka nufa suke bi. Ayar da take ƙarshen sakin layi ba ta da harafi a bayanta, don haka sai ta bi alƙiblar sakin layin, shi kuma a wurinsa dama ce ƙarshe. Jimlarka mai kalmar boko ma dalilin ke nan: an yanka ta gida uku an jera daga hagu zuwa dama, mai karatun Larabci kuwa daga dama yake farawa. In kana son tabbatarwa, danna `Ctrl+Shift+8` alamar ¶ ta fito. Idan tana zaune a dama da layin ƙarshe, ba a juya sakin layin ba. A wanda aka juya, hagu take komawa.

Maɓallin juyawar yana cikin `Home`, a rukunin `Paragraph`, sunansa `Right-to-Left Text Direction`, ko kuma ka riƙe `Ctrl` ka danna `Shift` na hannun dama. Idan ba ka gan shi ba, ka ƙara Larabci a `File > Options > Language`, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Amma ga littafi sukutum ba na son bin sakin layi ɗaya bayan ɗaya. Gara ka danna-dama a kan salon `Normal`, ka bi `Modify > Format > Paragraph`, ka zaɓi `Right-to-left` a wurin `Direction`, duk abin da aka gina a kan salon nan sai ya juya tare.

Mai buga takardu, Ƙofar Ƙaura

Yaya, na bi yadda ka ce, jimlolin sun daidaita, ayar ma ta koma mazauninta. Sai dai yanzu rubutun gaba ɗaya ya yi tsalle ya manne a gefen hagu, kamar ba a taɓa kai shi dama ba.

Tsohon ma'aikacin maɗaba'a, Ƙofar Soro

Wannan saura `Ctrl+R` ɗinka ne na farko. Abin da aka ajiye a fayil ɗin, a ma'anarsa, shi ne a jingina rubutu da gefen da layi yake ƙarewa, to yanzu ƙarshen layi ya koma hagu. Ka zaɓi sakin layukan ka danna `Ctrl+Q`, zai share gyaran da aka yi musu da hannu su koma bin salo. Ka yi hattara da jerin sunayen ɗalibai, domin zai iya tafiya da lambobinsu, sai ka sake sa su. Wannan karon za su fito a dama da kansu. Tebur kuma ba ruwansa da abin da ka yi wa sakin layi, nasa daban yake a `Table Properties`, wurin `Table direction`. In ba ka juya shi ba, gurbin lambar ɗalibi zai zauna a hagu, na sa hannu a dama.

Ɗalibin kwaleji, Daura

Ni tawa matsalar ita ce idan na ɗauko Larabci na kai manhajar zanen fosta, sai haruffan su rarrabu, kowanne ya tsaya shi kaɗai, su kuma jeru a baibai. Na gwada `Ctrl` da `Shift` ɗin da Baba ya faɗa, ba abin da ya motsa. A ƙarshe hoton rubutun na ɗauka na liƙa a fostar.

Malamar Larabci, Daura

Ɗana, taka daban ce da ta mai tambaya. Shi haruffansa a haɗe suke, jerin kalmomi ne ya rikice masa. Kai kuwa manhajarka ce ba a kunna mata tsarin haɗa haruffan Larabci ba, ko kuma ba ta da shi, maɓallan Word kuma ba za su yi aiki a can ba.

Abin da ya sa na sa baki shi ne lambobi, domin sun taɓa kunyata ni. Na shirya takardar jarrabawar nahawu a kwamfutar gida, lambobin duk sun fito irin na littattafan Misra da Sa'udiyya, wato ١ ٢ ٣, na sa a filashi na kai shagon bugawa. Da aka miƙo mini kwafi 120, ko'ina 1 2 3 ne, alhali ba wanda ya taɓa fayil ɗin. Daga baya na gane cewa zaɓin yana `File > Options > Advanced`, ƙarƙashin `Show document content`, a wurin `Numeral`, kuma na kwamfutar ne, ba ya bin takarda. Sunayen ma suna ruɗarwa: `Arabic` shi ne 1 2 3, `Hindi` shi ne ١ ٢ ٣, `Context` kuma yana sa lamba ta yi kama da rubutun da ke kusa da ita, wanda shi ya fi dacewa da littafin da ya haɗa boko da Larabci. Tun daga ranar ba na kai aiki shago sai na mayar da shi PDF a gida na karanta shi shafi-shafi. Inda lamba ɗaya ce tilo, kamar shekara a bango, ainihin harafinta nake sawa: a buga `0661` a danna `Alt+X`, sai ١ ta fito, kuma wannan ba ta canzawa a kowace kwamfuta.

A lura kuma cewa lamba ko a cikin Larabci daga hagu take tafiya, 1447 tana nan ١٤٤٧, kada a juya ta. Abin da ke juyewa shi ne lambar da aka raba da tazara, kamar lambar waya mai gida uku, inda gidan farko yake komawa dama. Ni haɗe ta nake yi ba tazara.

Sauran alamomi kuwa juya sakin layi ba ya canza surarsu. Waƙafin boko zai zauna a matsayinsa na boko har sai an musanya shi da na Larabci mai kallon sama, ، ke nan, haka alamar tambaya ؟ da ؛. A kibod ɗin `Arabic (101)` waƙafin yana `Shift+K`, alamar tambaya tana `Shift+/`. Da `Ctrl+H` ake musanya su gaba ɗaya, amma a bi su ɗaya-ɗaya a shafukan da boko yake, kada a ɓata nasa.

Tsohon ma'aikacin maɗaba'a, Ƙofar Soro

Malama ta yi gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne baka biyu da suka kewaye kalmar boko, inda wani lokaci guda take juya baya ko ta gudu wani wuri. Word yana tuna kibod ɗin da yake kunne lokacin da aka buga alama, don haka maganin da ya fi sauƙi shi ne a goge bakan biyu a sake buga su duka da kibod ɗin Larabci.

Kafin ka buga kuma ka shiga `Layout`, ka buɗe `Page Setup`, ka mayar da `Section direction` zuwa `Right-to-left`, a `Multiple pages` ka zaɓi `Reverse book fold` idan naɗewa za a yi a ɗinke ta tsakiya. Ina sabon shiga aiki na taɓa jera shafukan wani littafin addu'o'i kamar na boko, ba mu farga ba sai da aka ɗinke ɗari biyu, mai littafin ya buɗe ta inda ya saba ya tarar da addu'ar rufewa. Ka fitar da kwafi ɗaya tukuna, ka naɗe shi, ka riƙe shi ɗinkin yana hannun damanka, ka ga ko shafi na ɗaya ne ya fara tarbarka.

Alaramma, Ƙofar Marusa

Allah ya saka muku da alheri. Tawa tambayar a kan jerin haruffa ce. Jikana ya nuna mini cewa kwamfutar tana da jeri biyu, أ ب ت da kuma أ ب ج, na abajada ke nan. Mun sa na biyun a babukan wani littafi mai babi ashirin, komai daidai har babi na 14, amma a na 15 sai ta kawo س, mu kuwa a abajadar da muka gada ta Magrib ص ne yake biyo bayan ن. Jikan nawa ya ce ta mutanen gabas ce a ciki. Mun gyara na 15 zuwa ƙasa da hannu, amma da muka ƙara babi ɗaya a tsakiya sai da muka sake bin su duka.

Malamar Larabci, Daura

Allah gafarta Malam, ni ma jeri biyun nan kaɗai na gani, kuma ban samu hanyar koya mata ta Magrib ba. Ɗalibaina na gabas suka sani daga littattafan makaranta, don haka ban taɓa matsawa ba.

Mai buga takardu, Ƙofar Ƙaura

Na gode ƙwarai. Na naɗe kwafin gwaji, yana buɗewa ta inda ya kamata, tebur ɗin sunaye ma ya juya. Abin da ya rage tsakanin Malam ne da shugaban kwamitin iyaye: Malam yana son lambobin shafi su zama ١ ٢ ٣ domin su dace da rubutun, shugaban kuma ya ce yawancin iyaye ba sa bambanta ٥ da sifili, ko ٧ da ٨, gara a bar su 1 2 3. Na fitar musu da PDF biyu na tura, ina jiran wanda za su zaɓa kafin Alhamis.