Wasiƙar manaja kan rajistar awon ciki da ta koɗe

Maman Khadija, yankin Ɗambatta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Manajan asibitin da muke ƙarƙashinsa ya aiko wasiƙa cewa fotokwafin rajistar awon ciki da muka tura ba ya karantuwa, a sake aiko wanda ya fita tas kafin a shigar a kwamfuta. Ya lissafo shafukan, ya ce ranar zuwa da awon hawan jini suka fi ɓacewa. Rajistar ce kanta ta koɗe, rufi ya yi mata yoyo da damina. Wa ya taɓa cin karo da haka?

Baban Usman, Ringim: Hajiya, mun sha wannan bayan ambaliyar 2022. Kada ki sake kai ta injin fotokwafi, don shuɗin biro da ya koɗe injin ba ya kama shi, idan kuma aka ƙara duhu tabon ruwan ne zai rufe rubutun. Ki shimfiɗa ta bakin taga da safe, ki ɗauki kowane shafi da waya ba tare da filasha ba. Shafin yana da faɗi, don haka ki raba shi gida biyu, amma lambar layi ta fito a kowane hoto, in ba haka ba za a jona awon wata da sunan wata. Inda tawada ta tafi gaba ɗaya, haska tocila daga gefe, sau da yawa sawun da biro ya danna yana fitowa.

Anti Larai: Mu bin rubutun muka yi da baƙin biro, ya fito fes.

Baban Usman: Anti, a yi haƙuri, nan hatsarin yake. Wanda ya ɗauki 130 a matsayin 180 ya bi ta da biro, ya binne asalin har abada. A kwafe a sabuwar rajista, abin da bai karantu ba a bar gurbinsa a rubuta haka, mutum biyu su sa hannu, tsohuwar a adana ta.

Malam Idi, Gwaram: Ai jimillar wata-wata tana DHIS2 tuni, manhajar da ake shigar da alƙaluman asibitoci, a ɗauko daga can mana.

Maman Khadija: Malam, wancan adadi ne kawai, babu suna babu awon kowace mace. Zai dai nuna mana ko layukan watan sun cika.

Sista Binta, Kazaure: Mu katin awon da ke hannun matan ne ya cece mu. Duk wadda ta dawo muna duba nata mu cike gurbi, sai dai da yawa sun yar bayan haihuwa. Abin da ya dame ni hotunan ne. Rajistar nan akwai sakamakon gwajin ƙanjamau a ciki, ban yarda ta shiga WhatsApp ba. Ku ta wace hanya kuka miƙa naku, Baban Usman?