Taƙaitawa: furotin na alkama, masara, waken suya da madara

Ga abin da na tattaro daga muhawararmu kan kunun yara a nan Maradi.

1. An yarda da yadda ake lissafin makin ingancin furotin. Furotin haɗin sinadarai ne da ake kira amino asid: ana duba wanda ya fi ƙaranci a abinci, a raba shi da abin da jiki ke buƙata, sakamakon shi ne maki. A ma'aunin 1991 na FAO, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 na buƙatar amino asid ɗin laisin miligiram 58 a kowane giram na furotin.

2. Alkama da masara laisin ɗinsu bai kai 30 ba, don haka makinsu bai kai rabi ba. Masara kuma tana da ƙarancin amino asid ɗin tiriftofan. Waken suya na da kusan 63, rauninsa amino asid ɗin metiyonin ne. Madara ta cika maki, wato 1.0.

3. Wani ya kawo misalin da ya fi gamsar da ni: masara giram 70 da waken suya giram 30. Furotin ya kama giram 17, laisin kusan miligiram 856, wato 50 a kowane giram na furotin. Maki ya tashi zuwa 0.86. Amma sai an soya waken ko an dafa shi sosai, domin ɗanye yana hana furotin narkewa.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce waken suya ya kusa kama madara. Wasu suka ce a'a, ana tsayar da maki a 1.0 ne, shi ya ɓoye fifikon madara, kuma ta fi narkewa. Masu kare waken suka amsa da cewa kuɗin madara kullum ya fi ƙarfin gidaje da yawa.