Wai Tanko sunan maguzanci ne?

Maman Hanifa: Jama'a raina a ɓace yake. 'Ya'yana uku duk mata, sai bana Allah Ya ba ni namiji. An yanka masa rago da sunan Abdurrahman, amma tun ranar suna uwar mijina ta laƙaba masa Tanko. Yau wata biyar, har yayyensa Tanko suke ce masa. Ni dai na ce su Tanko da Ladi da Gambo ragowar maguzanci ne, ya kamata a bar su haka nan. Ko na yi ƙarya?

Ladi Mai Ɗinki: Wato ni ce ragowar maguzancin ke nan? Baiwar Allah, ki iya bakinki. Mahaifina limamin unguwa ne har ya koma ga Allah, shi ya raɗa min Hauwa'u, kuma da bakinsa yake ce min Ladi don ranar Lahadi aka haife ni.

Abu Sumayya: Maman Hanifa ta faɗi gaskiya, ɗaci ne da ita. Hadisi ya tabbata cewa sunayen da Allah Ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman. A ɗauke wa yaro wannan a manna masa Tanko? Kuma Manzon Allah (SAW) ya canza wa mutane suna, akwai wadda ya mayar Jamila. Duk sunan da ba na Larabci ba daga kakanni masu tsafi muka gaje shi.

Malam Sallau: Abu Sumayya, hadisin da ka kawo haka yake, amma jimlarka ta ƙarshe ba ta tsaya ba. Sunayen da aka canza don munin ma'anarsu aka canza su, ba don harshen da suka fito ba. To mu ɗauki Ladi. Daga Lahadi take, Lahadi kuwa Larabci ce, haka Litinin da Talata da Laraba har zuwa Asabar. Bahaushe bai samu waɗannan sunayen ranaku ba sai ta hanyar Larabawa da malamai. Saboda haka Ɗanladi da Altine da Talatu da Balarabe da Lami da Jummai da Asabe duk a kan kalmar Larabci aka gina su. Ta yaya sunan da aka ciro daga Juma'a zai zama gadon tsafi?

Tanko kuwa Hausa ce, amma me ya ƙunsa? Namijin da ya biyo bayan mata, shi ke nan. Macen da ta biyo bayan maza ita ce Kande ko Dela. Wanda ya bi tagwaye Gambo, na ƙarshe Auta. Babu rantsuwa da wani abin bauta a ciki, labarin ɗakin uwa ne aka dunƙule a kalma guda. Tsohuwa in ta ji an ce Tanko ta riga ta san yana da yayye mata ba sai ta tambaya ba.

Kuma ina da tambaya ga mai ƙorafi: yaya sunan maigidanki?

Maman Hanifa: Salisu. Me ya kawo shi cikin maganar?

Malam Sallau: Shi ma ai lissafi ne. Salisu na uku ke nan. Gidan da ake son kowane ɗa namiji ya samu Muhammadu, sai a jera su: Auwalu ko Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har a kai Tasi'u da Ashiru. Aikin da Salisu yake yi shi Tanko yake yi, wato faɗin matsayin yaro a jerin haihuwa. Ɗaya da Larabci, ɗaya da Hausa.

Abu Sumayya: Wannan wasa da hankali ne. Salisu ana yanka rago da shi. Wa ya taɓa yanka rago da Tanko?

Ɗan Bakori: Ni ba Tanko ne ya dame ni ba. Kalmar maguzanci da kuke jifa da ita kamar zagi ita ta tsaya min a rai. Kakana na wajen uwa Bamaguje ne, ya musulunta da girmansa, kuma har yau ina da dangi a ƙauyukan Katsina da ake kira Maguzawa, wasu Kirista ne, wasu sun musulunta. Hausawa ne kamar kowa, manoma ne masu riƙon amana. In abu bai yi muku ba ku ce bai yi ba, ku daina zagin mutane da sunan dangin wasu.

Abu Sumayya: Babu wanda ya zagi kakanka. Aƙida ake magana.

Ɗan Bakori: Aƙidar me ke cikin Gambo? Faɗa min.

Hajiya Juji: Ku bar Gambo, ku zo kaina, don in akwai sunan da za a tuhuma nawa ne. Sunana na yanka Amina, amma duk danginmu Ajuji suka sani. Mahaifiyata ta binne 'ya'ya huɗu kafin ni, babu wanda ya kai yaye. Mai wabi ake ce mata, har mata suna janye 'ya'yansu in ta shigo gidan biki. Da aka haife ni, kakata ta naɗe ni a tsumma ta kai ni bakin juji ta ajiye, wata maƙwabciya ta ɗauko ni ta dawo da ni, wai tsintuwa ta yi. Nufinsu a nuna ba a damu da ni ba, ko abin da yake ɗauke 'ya'yan ya raina ni ya wuce. Irinmu ne su Ayashe da Ajefas. Wasu kuma roƙo ne a fili, kamar Barau da Abarshi, wato a bar mana wannan.

Na yarda dabarar juji ba ta da tushe a addini, kuma ni ban yi wa nawa 'ya'yan ba. Amma duk sanda aka kira ni Ajuji, matar nan nake tunawa da ƙananan kaburbura huɗu. Shekarata hamsin da uku, ban taɓa jin kunyar sunan ba.

Abu Sumayya: Allah Ya jiƙansu. Amma kun ji da kunnenku, ita da kanta ta tabbatar. To me ya rage?

Malam Sallau: Abin da ya rage shi ne ka haɗa abu uku ka yi musu kuɗin goro. Sunan rana daban, sunan jeri daban, sunan wabi daban. A na ukun ne kawai camfi ya shiga, shi ma ba duka ba, don wanda ya sa wa ɗansa Dangana ko Dogara ai ga Allah ya miƙa lamarinsa.

Nas Bilki: Hajiya, Allah Ya ba mama lada. Yawancin abin da ake kira wabi ciwo ne da yake da suna a asibiti. Wani sikila ne: in uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wani kuma zazzaɓin cizon sauro ne ko ƙyanda. A yi gwajin jini kafin aure don Allah.

Ɗanjuma Direba: Ni shawarata kada ki bari Tanko ya shiga takardar haihuwa. Nawa laƙabin ne ya shiga takardar firamare, katin ɗan ƙasa kuma aka sa Yusuf, na yi wata huɗu ina zirga-zirga kafin a daidaita su.

Ladi Mai Ɗinki: Ba takarda ake magana ba Ɗanjuma. Kai da ma ka cika sako zance. Kuma kai da ka taɓa gaya mana ranar Alhamis da dare aka haife ka, ai Ɗanlami ne kai, sunan aro kake yawo da shi.

Ɗanjuma Direba: Bayan sallar isha'i aka haife ni. Daren Juma'a ke nan.

Ladi Mai Ɗinki: Kalanda ta ce Alhamis har sha biyun dare.

Malam Sallau: A nan Ɗanjuma ne da gaskiya. A lissafin da iyayenmu suke bi, rana tana faɗuwa an shiga sabon kwana, dare ne yake gaba. Shi ya sa ake fara asham a daren da aka ga wata, kafin a kai azumin farko. Yarinyar da aka haifa Alhamis da la'asar Lami ce, in ta ƙara awa uku ta faɗo bayan magariba ta zama Jummai. Katin asibiti zai rubuta Alhamis, kakarta kuma ta ce Jummai, kowa da agogon da ya duba.

Ladi Mai Ɗinki: To ƙanwata da aka haifa Talata da tsakar dare ake ce mata Talatu fa? Iyayenmu ne ba su san lissafi ba?

Ɗanjuma Direba: Ki je ki tambaye su.

Kande Zariya: Ni gyara ɗaya zan yi. A gidanmu sai mace ta biyo maza biyu ko fi ake ce mata Kande. In namiji ɗaya ne a gabanta ba ta ci sunan ba.

Ɗan Bakori: Mu Delu muke cewa, kuma ban taɓa jin an tsaya ƙirga mazan ba.

Kande Zariya: Shi ya sa kuke ɓata abu.

Hajiya Juji: Kun bar yarinya da damuwarta kuna ta jan zance. Maman Hanifa, 'yata, sunan wa aka mayar wa yaron?

Maman Hanifa: Sunan mahaifin maigidana ne, Allah Ya jiƙansa.

Hajiya Juji: Ai ga amsarki nan. Matar da ta yi shekara arba'in ba ta taɓa buɗe baki ta ambaci sunan mijinta ba, kina so yau ta tsaya tsakar gida ta ƙwala shi? Alkunya ce. Dole ta nemo abin da za ta kira jikanta da shi, sai ta ɗauki wanda ya dace da haihuwarsa. Ke ma a ƙa'ida bai kamata sunan surukinki ya fito daga bakinki gatsau ba. Da kin riga ta kin ce Abba ko Baffa ko Khalifa, da shi zai bi yaron. Kin bar gurbi ne ta cike.

Maman Hanifa: Wallahi Hajiya ban kawo wannan a raina ba. Amma ni ina kiran sunan, kuma maigidan bai taɓa hana ni ba. Har yanzu dai Tanko bai kwanta min ba, sunan tsofaffi ne.

Abu Sumayya: Alkunyar ma da sake. Sahabbai mata suna kiran sunan mazajensu.

Ladi Mai Ɗinki: Yanzu kuma kunya ce ta zama laifi? Kai dai komai na Bahaushe bai yi maka ba.

Abu Fatima, mai kula da zaure: Za mu tsaya nan saboda an fara taɓa mutunci. Abin da na fahimta: an yarda sunan yanka shi ne suna, sauran duk laƙabi ne, kuma Hajiya da bakinta ta nuna mana camfin da ke ƙarƙashin irin waɗannan sunaye. Saboda haka abin da ya fi shi ne a kira yaro Abdurrahman a huta. Maganar daren Juma'a da ta Kande a kai wani zauren.

Ɗan Bakori: Ba haka aka yi ba. Ina bayanin Malam Sallau a kan Salisu da Lahadi? Kuma har yanzu ba wanda ya janye kalmar nan.

Ladi Mai Ɗinki: Ni ma ba a ba ni haƙuri ba.

Maman Hanifa: Ladi ki yi haƙuri, ba da ke nake ba. Hajiya Juji, in na fara ce masa Abba yanzu yana wata biyar, kina ganin zai kama, ko Tankon ya riga ya zauna?