Neman shawara: wasiƙar tayin aikin fassara zuwa ga kamfanin shinkafa a Sakkwato

Nasiru: Assalamu alaikum. Na yi karatun Hausa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma na shekara biyu ina yi wa mutane fassara tsakanin Hausa da Ingilishi. Akwai wani ƙaramin kamfanin casar shinkafa a nan Sakkwato wanda yake bai wa manoman Wurno da Goronyo iri da taki bashi, su biya da shinkafa bayan girbi, amma duk takardunsa da Ingilishi suke. Ina so in rubuta musu wasiƙar tayin aiki, sai dai ban san abin da zan sa a ciki ba, ko in faɗi farashi, ko da wane harshe zan rubuta. Ina neman shawararku.

Aminu: Wa alaikumus salam. Ka rubuta da Ingilishi kamar yadda kowa yake yi, ka haɗa da tarihin karatunka, da kwafin takardar digiri da ta bautar ƙasa, da sunayen mutum biyu da za su tsaya maka. Kada ka ambaci kuɗi, domin sai sun kira ka ganawa ake maganar albashi.

Malam Sanusi: Aminu, abin da ka bayyana takardar neman aiki ce, shi kuwa Nasiru ba albashi yake nema ba, hajarsa yake son ya kai kasuwa. Idan manaja ya buɗe ambulan ya ga takardar bautar ƙasa, zai ɗauka guraben aiki ake tambaya, ya ce babu, magana ta mutu a nan.

Nasiru, na daɗe a wannan sana'a, kuma abin da na gani shi ne ƙaramin kamfani ba ya jin yana bukatar fassara har sai ka nuna masa takardarsa guda ɗaya da ke iya jawo masa rigima. Saboda haka kada ka rubuta cewa kana fassara kowane irin rubutu. Ka kama takardar yarjejeniyar da manoma suke sa wa hannu ko dangwala yatsa lokacin karɓar taki, ka gina wasiƙar a kanta. Bayan gaisuwa, sakin layi na farko yana iya zama kamar haka:

"Na lura cewa yarjejeniyar da kamfaninku yake ƙullawa da manoma a rubuce take da Ingilishi, alhali mafi yawansu da Hausa suke karatu ko ake karanta musu. Ina tayin mayar da ita Hausa, tare da takardar bayanin amfani da taki, ta yadda abin da jami'inku zai karanta a Wurno zai zama daidai da abin da wani zai karanta a Goronyo."

Wannan jumlar ta ƙarshe ita ce za ta taɓa manaja, domin ya san cewa a yanzu kowane jami'i yana fassarawa ne da ka a gaban manoma, kuma ranar karɓar shinkafa ake jin wani manomi yana cewa ba haka aka gaya masa ba.

Sai ka ba da misali ɗaya ko biyu da ke nuna ka san inda haɗarin yake. Kalmar da Ingilishi yake amfani da ita wajen ƙarin da ake ɗorawa a kan bashi, idan mai fassara ya yi gaggawa ya rubuta "riba", ya haɗa abu biyu a wuri ɗaya, saboda rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka ribar ciniki da ribar da shari'a ta haramta kamanninsu ɗaya a takarda. Dole ne a tambayi kamfani abin da yake nufi, sannan a rubuta "kuɗin ruwa" idan shi ne, ko "ƙarin farashi saboda jinkirin biya" idan kaya ne aka sayar bashi. Haka nan ma'auni: hekta murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan eka biyu da rabi, kuma "buhu" kaɗai ba ya isa sai an rubuta kilo nawa, tun da buhun taki kilo 50 ne, na shanshera kuwa nauyinsa ya danganta da cikawa da bushewa. Manajan da ya karanta wannan ba zai tambaye ka takardar digiri ba, layi biyu a kan karatunka a ƙasan wasiƙa sun wadatar.

Farashi kuwa ka faɗe shi, kuma ka ɗora shi a kan adadin kalmomin takardar asali. Kada ka yarda da lissafin shafi, domin shafi ɗaya yana iya ɗaukar kalma 250, wani kuma 600 idan an matse rubutu. Ka buɗe takardar a Microsoft Word, ka duba `Word Count`, ka rubuta adadin a cikin wasiƙa ko a takardar farashi. A ce yarjejeniyar kalma 1,600 ce, kai kuma ka yanke naira 15 a kan kowace kalma, kuɗinka naira 24,000 ke nan, kuma kowa ya san shi tun kafin a fara. Dalilin da ya sa na ce takardar asali shi ne Hausa takan fi Ingilishi yawan kalmomi a irin wannan rubutu, saboda kalma ɗaya ta lauyoyi takan bukaci jumla guda. Idan fassarar ta fito kalma 2,000 ka lissafa a kanta, kuɗi ya koma 30,000, kuma wannan ratar ta 6,000 ta isa ta sa akawu ya zarge ka da tsawaita magana da gangan. Naira 15 misali ne na lissafi kawai, kai ka san kasuwarka. Sannan ka sa mafi ƙarancin abin da kake karɓa, domin takardar bayani mai kalma 300 za ta tashi 4,500 ne kacal, alhali zirga-zirgarta da tambayoyinta ba su gaza na babba ba.

Hajiya Rabi: Ni sakatariya ce a wani ƙaramin kamfani, kuma irin waɗannan wasiƙu ta teburina suke bi. Ƙanena, shafi ɗaya ya isa, abin da ya wuce haka maigida ba zai karanta ba. Ka nemi sunan wanda yake da ikon yanke magana ka rubuta masa kai tsaye, ka kai da hannunka da kwafi biyu, a sa maka hannu da kwanan wata a ɗaya ka riƙe. Game da harshe, ban yarda da Aminu gaba ɗaya ba, ko da yake yana da gaskiya cewa Ingilishi ake ajiyewa a fayil. Ka rubuta da Ingilishi a shafi ɗaya, da Hausa a ɗaya, ka manna su tare, domin wasiƙar da kanta ta zama samfurin aikinka, kuma sau da yawa mai dukiyar ya fi sakewa da Hausa ko da manajansa ɗan boko ne. Amma ka sani kuskure ɗaya na rubutu a cikin kowanensu ya isa a ajiye ka, don haka ka ba wani ya duba kafin ka buga.

Bashir: Ni abin da ya faru da ni zan faɗa. Na taɓa yi wa wani kamfani fassarar shafi goma sha biyu a kan alkawarin baka, na miƙa aiki, aka yi ta cewa in dawo mako mai zuwa, daga baya aka ce an fasa shirin. Ko kwabo ban samu ba. Tun daga nan ba na taɓa takarda sai an biya kuɗi duka, kuma ba na yin samfuri kyauta ko na layi ɗaya.

Malam Sanusi: Allah ya mayar maka da alheri, Bashir. Sai dai kamfanin da bai san Nasiru ba da wuya ya biya duka tun farko. Abin da ya fi karɓuwa shi ne rabi kafin a fara, rabi ranar miƙawa, kuma a rubuta a wasiƙar cewa aiki yana farawa ne daga ranar da aka amince a rubuce aka biya kafin alƙalami. Samfuri kuwa ni ina bayarwa, amma ba ya wuce kalma 150, kuma ni nake zaɓar sakin layin.

Akwai sharuɗɗa biyu da na manta. Na farko lokaci: kalma 1,600 na yarjejeniya aikin kwana biyu ne, da kwana ɗaya na bita bayan ido ya huta, amma ka yi alkawarin kwana biyar na aiki saboda wuta da jiran amsar tambayoyinka. Na biyu, ka rubuta cewa gyara sau ɗaya yana cikin farashi, amma idan suka sauya takardar asali bayan ka fara, sabon lissafi ne. Ka kuma ba su shawara cewa lauyansu ya ƙara sharaɗin da zai faɗi wanne rubutu ne abin dogaro idan Hausa da Ingilishi suka saɓa. Wannan hukuncin lauya ne, kada ka ɗauke shi a kanka, kuma ka yi alkawarin riƙe sirrin takardunsu a jumla ɗaya.

Malama Zainab: Ina koyar da Hausa a sakandare, kuma abu biyu nake so a ƙara. Ka ambata cewa za ka miƙa aikin a PDF tare da fayil ɗin da ake iya gyarawa, saboda a wasu shagunan buga takardu haruffan ƙ da ɗ da ɓ sukan koma akwatuna, sai mai bugawa ya maye su da k da d da b, "ƙasa" ta koma "kasa", "baƙi" ya koma "baki". Abu na biyu shi ne wace Hausa. A ganina, tun da manoman Wurno da Goronyo ne za su saurara, a rubuta musu yadda suke magana, da "wanga" da "hwara" da sauransu.

Malam Sanusi: A nan mun ɗan saɓa, Malama. Nahawu da ƙa'idar rubutu ni daidaitacciyar Hausa nake bi, domin takardar tana iya zuwa gaban alƙali ko banki, kuma manomi ya saba jin ta a rediyo. Inda nake bin bakin mutanen wuri shi ne sunayen kaya da ma'auni da ayyukan gona.

Malama Zainab: A yarjejeniya na yarda, amma a takardar bayanin taki da za a karanta a bakin fadama har yanzu ina kan ra'ayina.

Nasiru: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan rubuta shafi ɗaya cikin harsuna biyu, in tsaya a kan yarjejeniyar, in bar maganar karin harshe a matsayin tambaya ga manaja. Abin da ya rage mini shi ne ban ga takardar gaba ɗaya ba, hoton shafin farko kawai wani manomi ya nuna mini, don haka ba ni da adadin kalmomi.

Hajiya Rabi: To ka rubuta farashin kalma ɗaya da mafi ƙarancin abin da kake karɓa, ka ce za ka ba da cikakken lissafi cikin yini ɗaya da ganin takardar. Kada ka ambaci manomin ko hoton a wasiƙa, domin kamfani zai fara tambayar wa ya fitar da takardarsa kafin ya karanta tayinka.