Bidiyon koyar da Excel: malamai sun ce ba sa ganin inda nake dannawa

Malamin Lissafi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a Birnin Kebbi. Tun zangon da ya wuce shugabanmu ya ɗora mini koya wa malamai haɗa sakamakon ɗalibai da Excel, saboda lissafin hannu yana jawo mana rigima da iyayen yara, har wani uba ya zo da takardar ɗansa ya nuna an rage masa maki 10. Wasu malaman daga Jega da Kalgo suke zuwa, ba sa iya tsayawa bayan tashi, shi ya sa na ɗauki bidiyon allon laftof ɗina na minti 18 na tura a WhatsApp. Yanzu sun ce rubutun ƙanana ne, kibiyar linzami ba ta ganuwa, kuma idan na ce "sai ka danna nan" ba su san ina ne nan ɗin ba. Jarrabawa saura mako biyu, hankalina a tashe yake. Ina mafita?

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam Malam. Ba ka faɗa mana da me ka ɗauka ba, da kuma girman allonka. Duba Display resolution ka gaya mana.

Malamin Lissafi: 1366 x 768 ne. Win+Alt+R nake dannawa ya fara ɗauka. A laftof ɗina kuwa tas yake fitowa.

Baban Hanifa: To ga inda gizo ke saƙar. Kai a allo mai inci 14 ko 15 kake kallo, su kuma a waya, wani ma ko kwantar da ita ba zai yi ba. Kuma abin da kake ɗauka da shi Game Bar ne, taga ɗaya kawai yake kamawa. Sau da yawa idan ka danna dama jerin zaɓi ya buɗe, ba ya fitowa a bidiyon, sai a ga kibiya na yawo a fili kana bayani. Sauke OBS Studio, kyauta ne. A Sources zaɓi Display Capture, ba Window Capture ba, ka tabbata akwai alama a Capture Cursor. A Settings, ɓangaren Video, Base da Output su zama 1366x768 duka biyun, FPS kuma 30. Kada ka ɗaga Output zuwa 1920x1080, ba zai ƙara kaifin rubutu ba, nauyi kawai zai ƙara.

Amma babban gyaran tun kafin ka fara ɗauka ake yin sa. Ƙara girman Excel ɗin kansa zuwa 160% da ma'aunin da ke ƙasa ta hannun dama. Ma'aunin nan gidajen lissafi kawai yake girmamawa, bai taɓa maɓallan sama, don haka ka kai Scale na Windows 125%. Layi takwas na ɗalibai sun isa misali, ba sai ajin gaba ɗaya ba. Kibiya kuma, in Windows 11 ce, shiga Accessibility, sai Mouse pointer and touch, ka kai girmanta 3 ka ba ta launi mai ƙarfi, don farar kibiya a kan farin shafi ɓacewa take.

Ɗan Gusau: Duk wannan dogon zance ne. Ya zuba tsohon bidiyon a CapCut ya zuƙo wurin da ake so, aiki ya ƙare.

Baban Hanifa: A babban allo zai yi, a nasa ba zai yi ba. Ka zuƙo ninki biyu a 1366x768, abin da ya rage maka 683x384 ne aka miƙe shi ya cika allo. Lambar 3 da 8 sai su koma kama ɗaya, kuma maki ake magana. Shi Excel idan ka ƙara masa girma sabon zana haruffan yake yi, shi ya sa ba sa dushewa. Jerin zaɓin da bai shiga bidiyon ba kuwa babu zuƙowar da za ta dawo da shi.

Ɗan Gusau: Ban yarda gaba ɗaya ba. Zuƙowa kaɗan, kamar 130%, tana karantuwa lafiya. Don zuƙowa yana cikin ɗauka kuma akwai ZoomIt, Ctrl+1 ya zuƙo allon ya tsaya cak, Ctrl+4 ya zuƙo kana ci gaba da aiki.

Maman Sadik: ZoomIt yana da kyau, amma a kula. A Excel Ctrl+1 shi ke buɗe Format Cells, Ctrl+4 kuma ja wa rubutu layi a ƙarƙashi yake yi. Muddin ZoomIt na kunne shi zai ƙwace maɓallan, sai ka zo nuna Format Cells allo ya zuƙo. A canza su a Options nasa tukuna.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne "danna nan". Malam, kalmar "nan" ka cire ta daga bakinka. Faɗi sunan abin da inda yake, kai kibiya a miƙe, tsaya kamar daƙiƙa biyu, sannan ka danna. Misali: "Za mu haɗa makin ɗalibi na farko. Ina zuwa gidan F2, ƙarƙashin Total. Na danna." Sai ka rubuta a hankali kana karantawa da baki:

```
=SUM(C2:E2)
```

"Na danna Enter, ga jimla ta fito, 67." Daga nan ka ce za ka kama ɗan ɗigon da ke kusurwar ƙasa ta dama, ka jira kibiya ta koma siririyar baƙar alamar tarawa, ka faɗi cewa ta koma, kafin ka ja ƙasa. Wannan ɗigon ne kaɗai ya cancanci zuƙowa. Idan kana bayani kuma ɗauke hannunka daga linzami, domin ido kibiya yake bi, in tana zagaye babu mai jin abin da kake faɗa.

Abu Mai Shago: Ku ana ta kibiya, ni murya ce ke kashe ni. Layinmu janareto uku ne, kowane bidiyo na yi ƙugi ne kawai, na sayi makirufo har biyu a banza, mai shagon kuma ya ƙi karɓa.

Baban Hanifa: Matso da makirufon iyafis kamar taƙi ɗaya daga baki, ta gefe kaɗan. A Filters na OBS ƙara Noise Suppression. Ma'aunin sauti ya riƙa wasa a cikin rawaya, kada ya zauna a ja. Malam kai kuma, Recording Format ka bar shi a mkv, don in laftof ya mutu ana tsaka da ɗauka mp4 na iya lalacewa gaba ɗaya. Idan ka gama sai File, Remux Recordings, ya koma mp4. Ka tura shi a matsayin Document don kada WhatsApp ya matse shi. Minti 18 ɗin nan kuma ka raba: jimla daban, matsakaici daban, matsayi daban, kowanne minti shida.

Malamin Lissafi: Na gode, Allah Ya saka. Amma raba shi ba zai yiwu ba, malamanmu in sun ga bidiyo uku, na farko kawai za su buɗe. Document kuma zai cinye musu data, ni za a yi wa ƙorafi. Maganar "nan" kuwa, ai haka nake koyarwa a aji shekara tara kuma ana ganewa. Laftof ɗin ma 4GB ne, ina tsoron OBS ya riƙe shi.

Maman Sadik: A aji suna ganin yatsanka, Malam. Ɗauki gwajin daƙiƙa 30, tura wa wayarka ta hanyar da za ka tura musu, ka riƙe ta a tsaye. In ba ka iya karanta abin da ke F2 ba, su ma ba za su iya ba.

Ɗan Gusau: Ni har yanzu ina ganin ya gyara tsohon, mako biyu ba lokaci ba ne.

Malamin Lissafi: Zan gwada girman kibiyar da na Excel da Game Bar ɗin tukuna. Shi Scale 125% ɗin, ba zai ɓata mini sauran manhajojin ba?