Dubu 80 a wajen masu sola ko dubu 150 a banki?

Ɗan Rigasa: Na gama Kaduna Poli, na karanci lantarki. Kamfanin haɗa sola a Kakuri zai ba ni dubu 80, wani banki kuma dubu 150 aikin kwantiragi na nemo kwastoma. Na zaɓi sola, gida kowa ya yi min ca. Kwaɗayin albashi ne ke kashe matasanmu wallahi.

Uwar Biyu: Kwaɗayi? Ƙanena, gyara bakinka. Ratar dubu 70 ce duk wata, a shekara dubu 840. Wanda ke ciyar da mahaifiyarsa ya ɗauki na banki, shi ne makwaɗaici?

Ɗan Tudun Wada: Rabu da shi Hajiya, har yanzu tukunyar gida yake ci. Daga Rigasa zuwa Kakuri kullum, kuɗin keke kaɗai zai gaya masa gaskiya.

Ɗan Rigasa: Me ya kawo Rigasa cikin maganar nan?

Injiniya: Ku dakata. Yaro, tambayi maigidan wanda ke yin lissafin lodi. Misali gida na jan wat 1,000 na awa shida da dare, wato wat-awa 6,000 ke nan a daren. Batirin ruwa mai 200Ah da 12V yana ɗaukar 2,400, amma rabi ake ci idan ana so ya daɗe, saura 1,200. A lissafi batir biyar ne, sai dai inbata mai 24V bibbiyu ake jera mata, don haka shida za ka sa. In da kai za a riƙa zama ana wannan, ana zaɓen kaurin waya, ana kai ka gyaran aikin da ya lalace, dubu 80 ɗin ta yi. In kuwa wata shida suka wuce kana ɗora faranti kan rufi, maigida na lissafi shi kaɗai a ofis, lebura aka samu da araha.

Ɗan Masaƙa: Babanmu gwani ne a injin saƙa. Da aka rufe masaƙar KTL a 2002, gwanintar ta ciyar da mu?

Injiniya: Injin saƙa ba ya shiga jaka. Mita da filaya suna shiga.

Ma'aikaciyar Banki: Ku daina raina mu. Neman kwastoma ma sana'a ce, mai sola da bai iya ciniki ba wa zai haɗa wa? Matsalar dai taget ce, ka gaza cikawa su sallame ka.

Uwar Biyu: Ni dai ya janye kalmar kwaɗayi.

Ɗan Rigasa: Anti, ban kira sunan kowa ba.

Ɗan Tudun Wada: Ƴan Rigasa da taurin kai.

Shugaban Zaure: To, a taƙaice kowa ya yarda sana'ar hannu ta fi, kamar yadda na sha faɗa tun ina yaron shago a Panteka. An rufe.

Uwar Biyu: Wane kowa, Alhaji?