Wane suna zan sa wanda dangi ba za su gano ni ba?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Na gama littafina na farko, na soyayya, zan sake shi a WhatsApp naira 500. Gidanmu gidan malamai ne a cikin gari, ga ƙanwar maigidana ba littafin da ke wuce ta, ita ce ma ta haɗa ni da Hajiya bara a kan zuwa kamu, har yau gaisuwa sama-sama muke. Na zaɓi Ummu Hanan, sunan 'yata. Ya kuka gani?

Anti Rabi: Ƙanwata, wannan ai ɓuyan jimina ne. Hanan nawa ce a danginku? Cire sunan 'ya'ya, na miji, na unguwa, da wanda kaka ke kiran ki da shi. Amma ba suna ke tona marubuciya ba, asusun banki ne. Mai saye na zuba lambar asusunki, tun ba ta tura kuɗin ba cikakken sunanki zai fito mata, har da na mahaifinki. Sai layi. In da lambarki kika buɗe zauren, ƙanwar mijin na shigowa za ta ga "Matar Yaya" yadda ta ajiye ki. Ki yanki sabo, kada ki kira kowa naki da shi.

Zee: Sabon layin ma ai da NIN ake yi, sunanta zai fito.

Anti Rabi: Wannan yana wajen kamfanin layi, mai karatu ba ta gani. Truecaller ne abin tsoro, shi kuma yawanci sunan da mutane suka ajiye ki da shi yake kwasowa.

Maman Abba: Ki karɓa ta asusun mai POS na unguwarku. Ni dai sunan bogi ya cuce ni, wata ta kwashe littafina kaf ta sa a karanta a YouTube, da na yi magana aka ce in kawo shaidar ni ce. Allah ya isa.

Anti Rabi: Mai POS na unguwa? Kafin la'asar an ji a majalisa. Rajistar sunan kasuwanci za ta yi a CAC, ta buɗe asusu da shi.

Zee: A kan littafin 500? Anti kuɗin rajistar fa?

Fati: Sa Zinariya ko Tauraruwa, suna da daɗi. Maigidan ya sani kuwa?

Mai tambaya: Hanan ɗin ai a makaranta kawai ake kiran ta haka, a gida Mama muke cewa. Layi biyu kuma sai ya fi jawo min tambaya. Littafin ma ba batsa a ciki, kishiya ce kawai da dangin miji.

Anti Rabi: Dangin miji? Akwai ƙanwar miji a ciki?

Mai tambaya: Akwai, amma na mayar da ita 'yar Zariya.

Fati: Ba ki ba ni amsa ba fa.